Hirar dare da ɗan shekara 6: yadda ake auna mishi kacici-kacici, karya-harshe da gatana



Kwanan baya na kwana gidan yayata a ƙauye. Bayan sallar isha aka shimfiɗa tabarma tsakar gida, farin wata fes, sai yaran gidan suka ce a yi kacici-kacici. Babban wansu, mai shekara 12, shi ya fara. Ya jefo guda, ya jefo ta biyu, ya jefo ta uku, manyan yara suna ta rige-rigen amsa. Ƙaramarsu mai shekara 6 tana zaune tana kallon bakin kowa. Ba a yi minti 10 ba ta tashi ta koma wajen uwarta ta ce a ba ta salula ta kalla. Uwar ta ce: "Ka gani ko? Yaran yanzu ba su son abin gargajiya."

Ni kuwa abin da na gani daban ne. Yarinyar ba ƙin wasan ta yi ba, wasan ne ya fi ƙarfinta. An yi mata ɗinki da awon babba, rigar ta sha mata kai. Washegari na ce a bar min ita da ƙaninta da wani ɗan maƙwabta sa'anta, muka sake gwadawa da awonsu. Abin da na yi a wannan daren shi zan kawo muku, daki-daki, don wanda yake da ɗan shekara 6 a gida ya gwada da kanshi.

Abin da ɗan shekara 6 yake iya ɗauka

Yaro mai wannan shekaru ya riga ya iya magana sarai, yana ba da labari, yana tambaya har ya gajiyar da kai. Amma abubuwa uku ne ya kamata babba ya riƙe.

Na farko, tunaninshi yana manne da abin da idonshi ya gani, hannunshi ya taɓa. In amsar kacici-kacici tana cikin gidan, zai iya kamo ta. In kuwa amsar abu ne da ba a gani, sai ya yi ta lalube har ya gaji.

Na biyu, ba ya riƙe jerin abubuwa masu yawa a kai lokaci guda. Huɗu ko biyar, daga nan sai na farkon ya fara zubewa. Saboda haka duk jimlar da ta yi tsawo, kafin ka kai ƙarshenta ya manta farkonta.

Na uku, wannan ne lokacin da haƙoran gaba suke faɗuwa, yaro ya yi wawulo. Iska tana fita ta giɓin, sai ka ji "s" da "ts" sun ɗan canza a bakinshi. Ba ciwo ba ne, in sabbin haƙora suka fito yakan daidaita. Amma abu ne da za a tuna in an zo wajen karya-harshe.

Da waɗannan ukun na auna daren: kacici-kacici 4, karya-harshe 1, gatana 1. Duka bai wuce minti 30 ba. Kuma na jera su haka da gangan. Kacici-kacici tana tada hankali a farke, karya-harshe yana kawo dariya, gatana ita ke kwantar da jiki har barci ya zo. In ka juya jerin, ka ƙare da karya-harshe, to ka tada yara da ƙyaƙyata a lokacin da kake son su kwanta.

Kacici-kacici: a fara da abin da ke tsakar gida

Na buɗe da wadda kowa ya sani: "Ƙulin-ƙulifita!" Amsa, gauta. Wannan ba don a yi tunani ake yin ta ba, kamar sallama ce, a nuna an shiga wasa. In yaro bai san ta ba, faɗa mishi amsar nan take, gobe shi zai riga kowa.

Sannan na ce: "Uku-uku ta gama gari."

Shiru. Ɗiyar yayata ta ce: "Kawu, kaji ne?"

Na ce: "Kaza ƙafa nawa gare ta?"

Ta ce biyu. Na ce to ba ita ba ce, a nemi mai uku. Na ƙara mata hanya: "Yana cikin gidan nan. Innarki ta je wurinshi yau sau biyu." Ta waiga nan, ta waiga can, sai ta tashi da gudu ta je madafa ta tsaya kan murhu ta ƙirga duwatsu: ɗaya, biyu, uku. Ta dawo tana tsalle: "Murhu ne! Murhu ne!"

Ku lura da abin da ya faru. Ban ba ta amsa ba, kuma ban bar ta cikin duhu ba. Taimakon yana da matakala uku. Matakin farko ka faɗi inda abin yake: cikin gida, ko daji, ko jikin mutum. Na biyu ka faɗi wanda yake amfani da shi, ko lokacin da ake amfani da shi. Na uku, in har yanzu bai kamo ba, ka ba shi sautin farko na sunan: "mur..." Kowane mataki ka ɗan dakata, ka ƙirga goma a zuci kafin ka ƙara wani. Mu manya gaggawa ke gare mu, shirun yaro yana damunmu, alhali a cikin shirun nan yake aikin.

Ta biyu: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wannan ta ɗan fi wuya, don sai yaro ya gane cewa "shanu" a nan ba shanu ba ne. Ɗan maƙwabta ya ce garke. Na ce a'a, ba mai rai ba ne, kuma kowace safiya ana ɗaukarshi. Da suka gane tsintsiya ce, na sa aka ɗauko ta. Na nuna musu tsinkayen, na ce ga shanun. Na nuna igiyar da ta ɗaure su, na ce ga maɗaurin. Wannan nunin shi ne rabin wasan. In aka faɗi amsa aka wuce, yaro ya haddace kalma ce kawai. In aka nuna mishi yadda tambayar ta hau kan amsar, ya koyi dabarar da zai buɗe wata da ita.

Ta uku: "Ɗakin saurayi ba ƙofa." Ƙwai. Wannan sun kamo ta a mataki na biyu, da na ce kaza ce ta gina shi.

Ta huɗu na ajiye musu wadda ba su iya ba: "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuta ce da hayaƙi. Na yi haka ne don mu kai ga abin da ya fi daɗi a wasan, wato ba da gari.

Akwai kuma waɗanda ban kawo ba sam, ko da yake sanannu ne. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba", amsarta yunwa. "Rawanin baba ya faskara naɗuwa", amsarta hanya. Masu kyau ne, amma ta farkon amsarta ba a ganinta da ido, ta biyun kuma sai yaro ya iya hango hanya duka a kanshi kamar daga sama. Ku bar su sai ya kai 8 ko 9. Alamar cewa kacici-kacici ta fi ƙarfin yaro ba wuya: in ka faɗi amsa, ka yi bayani, ya dube ka bai yi dariya ba, bai ce "au!" ba, to ba ta shige shi ba. Ajiye ta sai baɗi.

"Mun ba ka gari"

Al'adar wasan ita ce, in an kasa amsa, ba a cewa "faɗa mana" haka kawai. Sai an biya. Masu amsa su ce: "Mun ba ka gari." Mai tambaya ya ce: "Wane gari?" Su ambaci suna. Yana iya karɓa, yana iya ƙi ya ce a ƙaro mishi wanda ya fi. In ya karɓa sai ya ce ya ci garin, sannan ya buɗe amsa.

Wannan ƙa'ida tana da amfani biyu ga ƙaramin yaro. Tana cire kunyar kasawa, don wanda ya kasa shi ne ya zama mai kyauta, gari guda yake bayarwa. Kuma tana koya mishi sunayen garuruwa ba tare da allo ba.

Yaran suka ce sun ba ni ƙauyensu. Na ce ban so, a nan nake kwana, me zan yi da shi? Suka yi dariya suka ce Maradi. Na ce na karɓa, na ci Maradi da kasuwarta. Daga nan kowane dare in an ba ni gari sai in haɗa da abu guda da aka san garin da shi: Madarunfa da tabkinta, Galmi da albasarta, Damagaram da fadar sarki. Abu guda kawai, ba lacca ba. Cikin mako guda ɗiyar yayata ta fara ƙin karɓar ƙananan garuruwa, tana cewa ita sai Yamai.

Abin kiyayewa guda ne: kar a bar yaro ɗaya kullum shi ke ba da gari, bai taɓa ci ba. Ku bar shi ya tambaya shi ma, ko da tambayar da kuka yi mishi jiya ce ya maido muku. Babba ya yi kamar ya manta, ya yi zato biyu na banza, sannan ya ba da gari. Amma kar ka yi ta yi kullum, ɗan shekara 6 yana gane lokacin da ake yi mishi wasan yara, kuma ba ya so.

Dare na uku na ce su ƙirƙiro tasu. Ɗiyar yayata ta ce: "Abu fari, yana da ƙaho, yana cewa mee." Kowa ya ce akuya tun ba ta rufe baki ba, ta ɓata rai. Na ce mata kacici-kacici ɓoyo ne, ke kuwa kin ɓoye akuya kin bar kukanta waje. Na koya mata hanya: zaɓi abu, faɗi abin da ya yi kama da shi, sannan faɗi wani halinshi na mamaki, kar ki faɗi kukanshi ko aikinshi kai tsaye. Ta yi shiru tana kallon tocilar da ke hannuna, can ta ce: "Ido ɗaya gare shi, da rana barci, da dare gani." Wanta mai shekara 12 sai da ya ba ta Tasawa.

Karya-harshe: gutsure-gutsure ake ba shi

Karya-harshe jimla ce da aka tara mata sautuka masu kama da juna, a ce ka maimaita da sauri har harshe ya harɗe. Wanda aka fi sani shi ne na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto, ana tambaya ko ƙato ne zai ƙwace ƙoton kwaɗo, ko kwaɗo ne zai ƙwace ƙoton ƙato.

Me ya sa yake da wuya? Saboda yana sa baki ya yi ta tsalle tsakanin "k" da "ƙ", kuma ga "ɗ" da "t" suna bin juna. Waɗannan sautuka masu ƙugiya su ne suke raba ma'ana a Hausa. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Daka daban, ɗaka daban. Yaron da kunnenshi ya saba raba su tun a tabarma, ranar da ya ga haruffan a rubuce ba za su zame mishi baƙi ba. Ga ƴan uwanmu da ke zaune ƙasashen waje, wannan ya fi shafarku, don yaron da ya tashi cikin Faransanci ko Larabci ko Turanci, irin waɗannan sautuka su ne sukan fara sulalewa daga bakinshi, tunda harsunan can ba su da su.

Amma jimlar ƙato da kwaɗo gaba ɗayanta ta yi wa ɗan shekara 6 tsawo. Ga yadda na raba ta. Daren farko kalma biyu kawai: "ƙato, kwaɗo", a hankali, sau 5, ana tafa hannu kan kowace kalma. Da suka zauna, na ƙara ta uku: "ƙato, kwaɗo, ƙoto". Dare na biyu rabin jimlar: "ƙato ya ƙwace ƙoton kwaɗo". Dare na uku aka juya: "kwaɗo ya ƙwace ƙoton ƙato". Sai a dare na huɗu muka haɗa, kuma sai a nan aka fara sauri. Ƙa'idar ita ce, sai an faɗa daidai sau 3 a hankali kafin a ƙara gudu. In aka fara da gudu, yaro kuskuren yake haddacewa.

In wannan ya yi nauyi, akwai mai sauƙi da za a fara da shi: "Turmi ture kura, kura ture turmi." Kalmomi uku ne suke juyawa, kuma yaro yana ganin hoton a kanshi, kura da turmi suna kokowa. Shi ya sa suke son shi.

Abubuwa huɗu ne suke ɓata wannan wasa.

Na ɗaya, dariyar da aka yi wa yaro maimakon a yi da shi. Maganinta babba ya fara harɗewa. Ni na fara, na yi sauri har na ce "kwato ya ƙwaɗe", suka faɗi ƙasa don dariya. Daga nan kowa ya san harɗewa ita ce wasan.

Na biyu, mai wawulo. Ku kauce wa jimlolin da suka cika "s" da "ts" har haƙora su fito. Na "k" da "ƙ" ba ruwansu da haƙoran gaba, can cikin baki ake yin su.

Na uku, yaro mai in'ina. Kar a tilasta mishi, kar a sa shi gasar sauri, don matsi ƙara mishi yake. In yana so, ku faɗa tare baki ɗaya a hankali, sau da yawa magana cikin taro takan zo mishi da sauƙi. In bai so ba, ku ba shi alƙalanci, shi ke tafa hannu yana ƙirga.

Na huɗu, akwai karya-harshen da samari suka sani, waɗanda aka shirya su don in harshe ya zame ya faɗa kan batsa. Duk wanda za ka koya wa yaro, fara gwada shi da sauri kai kaɗai ka ji inda yake zamewa.

Wani abu kuma: kar a gyara wa yaro harshen garinsu da sunan daidai. Mu nan wani ya ce "fari", wani ya ce "hwari". Wani "tafi", wani "tahi". Duka Hausa ce. Abin da ake nema shi ne ya raba kafa da ƙafa, ba ya koma magana irin ta wani gari ba.

Gatana da yaro yake da hannu a ciki

Da dariya ta lafa sai na ce: "Gatanan gatananku." Suka amsa: "Ta je ta komo." Wasu garuruwa "ta zo mu ji ta" suke cewa, kowa ya bi na gidansu.

Na ɗauko ta Gizo da hankaki, wadda yawancinmu muka ji wajen kakanni. Hankaki suna cin ɓaure a wata itaciya da ke tsakiyar ruwa. Gizo ya roƙe su, kowanne ya ba shi gashi guda har ya samu fiffike ya bi su. Da aka isa, haɗama ta tashi, duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce nashi ne, shi ya riga gani. Hankaki suka ji haushi, kowa ya zare gashinshi, suka tashi suka bar shi kan itaciya tsakiyar ruwa.

Daren farko na ba da ita miƙe, minti 5 ko 6. Wasan yana farawa ne daga dare na biyu, kuma iri biyu ne.

Na farko, kama kuskure. Ka sake ba da gatanar da yaro ya riga ya sani, amma ka sa ƙarya a ciki da gangan. Na ce: "Sai kowane hankaka ya ba Gizo takalmi guda." Yarinyar ta zabura: "A'a Kawu, gashi ne!" Na ce af, na manta. Can na ce matar Gizo sunanta kura. Suka yi ihu: "Ƙoƙi ce!" Kuskure 3 ya isa a gatana guda. Ka fara da mai girma wanda ba mai rasa shi, ka ƙare da ƙarami, kamar ka ce mangwaro maimakon ɓaure. In ƙaramin ya wuce ba wanda ya kama, ko dai barci ya zo, ko ba su riƙe labarin ba tukuna. Kar ka yi wannan wasa da sabuwar gatana, don yaro ba shi da abin da zai auna da shi.

Na biyu, "sai me?" Ka kai labarin wurin da ya ɗaure, ka tsaya. Na tsaya inda aka bar Gizo kan itaciya, na ce: "To, ga ruwa ko'ina, ba fiffike. Sai me?" Ɗan maƙwabta ya ce ya kira babanshi a salula. Ban ce mishi ba haka gatanar take ba. Na ce: "To ya kira, amma ba caji. Sai me?" Yarinyar ta ce ya roƙi kada ya ɗauke shi. Na ce: "Kada ya ce me za ka ba ni? Sai me?" Haka muka yi ta zagayawa, kowa jimla ɗaya ko biyu.

Aikin babba a nan biyu ne. Ya karɓi duk abin da yaro ya kawo, sannan ya ɗora wata matsala a kai don labarin ya ci gaba. Kuma ya san lokacin rufewa. Zagaye 3 ko 4 ya isa. In ya wuce haka labarin watsewa yake, yara su fara gasar wanda zai faɗi abin da ya fi shirme. Da ka ga haka, ka karɓi zaren, ka kai Gizo gida wurin Ƙoƙi, ka rufe da "ƙurunƙus kan kusu". Wannan rufewar tana da aiki, ita ke gaya wa yaro an gama, sai shimfiɗa.

Gizo a gatana da tsamin baki yake magana, kuma yara suna son a kwaikwaye shi. Ku yi, amma in akwai mai tsamin baki na gaske a cikinsu, ku bar muryar, don kar gobe a laƙa mishi sunan Gizo a lakwal. Haka kuma gatanan dodo da masu cin mutane, ku bar wa manyan yara. Ɗan shekara 6 bai gama raba labari da gaskiya ba in duhu ya yi. In kun ga ya matso jikinku ya daina tambaya, ko ya ƙi zuwa bayan ɗaki shi kaɗai, to gatanar ta yi mishi nauyi, kuma ku za ku sha tashin dare.

Ga waɗanda ke nesa

Da yawa cikin masu bin mu suna wajen biɗa, Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara, Legas, sun baro yara gida. Kiran waya da ɗan shekara 6 kun san yadda yake: "Kana lafiya?" "I." "Ka ci abinci?" "I." Shi ke nan magana ta ƙare, kuɗi sun tafi.

Ku gwada wannan. Aiko kacici-kacici guda a saƙon murya, ba amsa. Uwa ko kaka ta kunna mishi bayan isha, ta taimaka mishi da matakalan nan uku. Gobe ya aiko amsa da muryarshi, ko ya ba ka gari. Jibi shi ya aiko tashi. Saƙon bai kai rabin minti ba, amma yaro ya wuni yana tunanin abin da babanshi ya ɓoye mishi. Ku zaɓi wadda amsarta ke gidan da yaron yake, ba inda kuke ba. Haka in yaran ne suke waje, kaka tana gida: ɗan da bai taɓa ganin murhun duwatsu ba, ba zai kamo "uku-uku" ba, amma ƙwai da tsintsiya suna ko'ina. Kuma kaka ta fi kowa iya wannan, don akwai wasa tsakaninta da jika. In ta ce wa jikanyarta "kishiya, yau sai kin ba ni gari", magana ta riga ta buɗe.

Ranar da zan komo, ɗiyar yayata ta rako ni bakin hanya ta ce in na isa in aiko mata sabuwa, amma mai wuya. Na aika mata wannan: "Na wanke ƙwaryata, na je da ita gabas, na je da ita yamma, na dawo ba ta bushe ba." Kwana biyu tana fama, uwarta ta ce har kwanonin gidan ta bi tana shafawa. A rana ta uku ta aiko da murya tana dariya, ta ce ta gano, kuma abin yana cikin bakinta.

Ku ma ku gwada ta ga naku yau da dare. In sun kasa, kar ku karɓi ƙaramin gari. Wanda kuma yake da kacici-kacici ko karya-harshen garinsu da ba mu ambata ba, ya aiko mana tare da sunan garin, mu karanta wa jama'a. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu dare lafiya.